Ƙanina ya nemi lambar banki a Google, ya faɗa hannun ɓarayi

Sani Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in faɗa muku abin da ya sami ƙanina jiya da la'asar don wallahi har yanzu raina bai kwanta ba. Ya tura wa wani dila kuɗin shadda naira dubu 85, an cire a akawun ɗinsa amma can bai shiga ba, dilan kuma yana tsaye a bakin shago yana jira. Sai ya ɗauki waya ya rubuta sunan bankinsa a Google ya haɗa da customer care, na farko da ya fito a sama ya danna. Shafin ya buɗe da tambarin bankin da kalarsa da komai, har da wurin da aka rubuta a shigar da ƙorafin transfa da ta maƙale. Ya sa lambar akawun, ya sa lambar katin ATM guda 16 ɗin nan, da ranar ƙarewar katin da lamba uku ta baya, suka ce ya sa PIN ya sa, sai OTP ya shigo suka ce ya kwafa ya zuba don a dawo masa da kuɗinsa. Ko minti uku ba a yi ba alat biyu suka shigo, dubu 100 da dubu 86, akawun ya koma naira ɗari bakwai da wani abu. Tambayata ita ce, ta yaya Google da kansa zai sa shafin ɓarayi a sama da na banki? Kuma yaya mutum zai gane na gaskiya tun da ido dai ba ya bambancewa?

Hajiya Rabi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar masa da alheri. An rufe katin dai ko?

Sani Kwari: Amin Hajiya. An rufe, da safen nan muka je reshe ya rubuta takardar ƙorafi, sun ce za su bi kuɗin.

Bashir Zariya: Allah ya kyauta Malam Sani. Ka karɓi wayarsa ka sake rubuta abin da ya rubuta jiya, amma kar ka danna komai, ka duba saman wancan na farkon ko akwai wata kalma da aka rubuta `Sponsored`. Ina da yaƙinin tana nan ko ta kasance a nan jiya. Ma'anarta wannan talla ce, wani ne ya biya kuɗi aka ɗora shi a wurin. Google yana sayar da wuraren nan na sama ne kamar gwanjo, kowa zai iya cewa duk wanda ya rubuta sunan banki kaza da customer care a nuna masa shafina, yana biya duk dannawa ɗaya. To ɓarawon da ya san dannawa ɗaya za ta iya kawo masa dubu 186 ai ba zai ji ciwon biyan kuɗin talla ba. Saman shafi ba shaidar gaskiya ba ce ko kaɗan, shaidar an biya ce kawai.

Sani Kwari: Na duba yanzu, waccan ba ta fito ba, wata talla ce daban ta masu ba da bashi. Amma a tarihin burauzarsa na ga adireshin da ya shiga jiya, sunan bankin ne a farko wallahi har da .com, sai wasu kalmomi a bayansa.

Bashir Zariya: Yauwa, haka suke yi, tallar kan yi kwana ɗaya ko 'yan awanni a sauke ta ko su sauke da kansu su buɗe wata. Kuma abin da ka gani a adireshin shi ne ainihin dabarar. Bari in sa misali da sunan da na ƙirƙira don kar in ɓata wa wani banki suna:

```
ibank.sunanbanki.com/login
sunanbanki.com.shiga-yanzu.top/login
```

Ka manta da farkon adireshi. Ka tsallake `https://` in yana nan, ka nemi sandar nan mai karkata ta farko, wato `/`, sai ka karanta daga nan ka koma baya, kalmomi biyu da suke manne da ita su ne mai gidan. A na farko `sunanbanki.com` ne, shi `ibank` ɗaki ne a cikin gidan bankin, ba matsala. A na biyu mai gidan `shiga-yanzu.top` ne, duk abin da ke gabansa ado ne, wanda ya sayi wannan sunan yana da ikon rubuta duk abin da ya ga dama a gaba, ko sunan Babban Banki ne. A waya kuma wurin adireshi gajere ne, sau da yawa ba ka ganinsa duka sai ka taɓa shi ka ja. In adireshin ya ƙare da `.com.ng` sai ka ƙirga kalmomi uku maimakon biyu.

Auwalu Mai POS: Ni dai abin da nake dubawa ɗan kwaɗon nan ne da https. In babu kwaɗo ba na shiga, shekara biyar ina wannan sana'a ba a taɓa cin kuɗina ta shafi ba.

Bashir Zariya: Auwalu rabin maganarka daidai ce, in babu https kar ka sa komai. Amma samuwarsa ba ta wanke shafi. Kwaɗon nan cewa kawai yake yi abin da ka rubuta zai isa ga mai shafin ba tare da wani ya leƙa a hanya ba, bai ce maka mai shafin mutumin kirki ba ne. Takardar shaidar da ke kawo shi kyauta ake samunta cikin mintuna, Let's Encrypt ma kyauta suke bayarwa ga duk wanda ya mallaki suna. Saboda mutane suna yi masa irin fahimtar da ka yi ne ma Chrome ya cire alamar kwaɗon a 2023 ya sa wata alama a wurin. Malam Sani ka duba na ƙaninka, zan yi mamaki in ba https ba ne.

Sani Kwari: Https ne kuwa.

Auwalu Mai POS: Subhanallah. To ni Allah ne kawai ya tsare ni ashe.

Ummi Kaduna: Ni fa shi ya sa ba na sa katina a POS ɗin da ban sani ba, wasu suna kwafe lambar kati suna kallon yatsunka lokacin da kake sa PIN. Ƙawata haka aka yi mata a tashar mota.

Hajiya Rabi: Ummi wannan ma gaskiya ne amma ba shi ake magana ba, shi a intanet aka yaudare shi yana zaune a shagonsa, ba wanda ya taɓa katinsa.

Nura Ɗan Boko: Ni ina ganin maganin mai sauƙi ne. A jikin kowace talla ai ana nuna adireshin shafin tun kafin ka danna, in ka ga adireshin banki ne daidai sai ka shiga, ai bankunan ma suna yin talla da kansu. Ba kowace talla ce ta ɓarayi ba.

Bashir Zariya: Nura gaskiya ne bankuna suna talla, matsalar ita ce adireshin da ake nunawa a jikin talla ba lallai ne nan za a kai ka ba. Dokar Google ta ce su dace da juna, amma mutanen nan suna zagaye ta, mai duba talla in ya danna sai a kai shi shafi mai tsabta, kai kuma da ka danna daga wayarka sai a karkatar da kai wani wurin. Akwai kuma wasa da haruffa. A watan Oktoba 2023 kamfanin Malwarebytes ya bankaɗo wata talla a Google da ta kwaikwayi KeePass, wata manhaja ce ta ajiye kalmomin sirri, adireshinta na gaskiya `keepass.info`. Su kuma suka yi rajistar `ķeepass.info`, ka duba da kyau akwai ɗan ɗigo a ƙarƙashin k ɗin, kamar ƙura a kan gilashin waya. Masu amfani da irin wannan manhaja fa mutane ne da suka san kwamfuta, su aka ɗana wa tarkon, balle ɗan kasuwa da dila ke tsaye a kansa. Tun Disamba 2022 ma hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan abu na kwaikwayon kamfanoni ta tallar injin bincike. Saboda haka ni ba na tsayawa tantance talla in dai maganar kuɗi ce, tsallake ta nake yi gaba ɗaya, ko ta bankin ce da gaske ban yi asarar komai ba.

Nura Ɗan Boko: To amma akwai ɗigo uku a gefen talla, in ka danna yana nuna sunan wanda ya biya da ƙasar da yake. Ni ina amfani da shi.

Bashir Zariya: Yana da amfani wajen kama mai laifi, in ka ga tallar bankin Najeriya amma mai biya wani suna ne daga wata ƙasa can, magana ta ƙare. Amma in sunan ya yi kama da na gaskiya ban ce ka saki jiki ba, don suna satar akawun ɗin talla na kamfanonin da aka riga aka tantance su yi aiki da shi.

Zainab A.: Na yi aiki a banki shekara shida a teburin kwastoma, bari in sa baki. Duk wannan karatun adireshin yana da kyau amma babata ba za ta iya ba, kuma mafi yawan waɗanda suke zuwa mana da kuka irin su ne. Abin da nake gaya musu shi ne kar ka nemi banki a Google sam, ka ɗauki adireshin daga abin da bankin ya miƙa maka hannu da hannu. Juya katin ATM ɗinka, mafi yawansu akwai lambar waya ta cibiyar kwastoma a baya, da yawa har da adireshin shafi. Ko takardar da aka ba ka ranar buɗe akawun, ko allon da ke cikin reshe, ko cikin manhajar bankin da ka riga kake aiki da ita, wurin taimako. Ka rubuta shi da hannunka a wurin adireshi harafi bayan harafi sau ɗaya rak, in ya buɗe ka danna tauraro ka ajiye shi, ko a Chrome ka danna ɗigo uku ka zaɓi `Add to Home screen` ya zauna a fuskar waya. Lambar kuma ka ajiye ta a waya yau, kana cikin natsuwa, don ranar da kuɗi ya maƙale hankali ba ya jiki, kuma su ranar suke jira.

Sannan Malam Sani, ko da shafin na gaskiya ne ɗari bisa ɗari, babu bankin da zai nemi PIN ɗin katinka ko OTP don ya dawo maka da kuɗi. Mu a ciki ba ma ganin PIN ɗin kowa, kuma ba ma buƙatarsa. Don bin transfa da ta maƙale lambar akawun da ranar da adadin kuɗin da lambar shaidar da ke jikin rasit ake nema. OTP na fitar kuɗi ne, saƙon da kansa yakan faɗi haka in mutum ya tsaya ya karanta.

Sani Kwari: Wallahi Anti Zainab na karanta saƙon daga baya, an rubuta kar a ba kowa. Shi lambar kawai ya gani ya kwafa, dilan yana ta cewa zai tafi.

Auwalu Mai POS: To ai ba sai an juya kati ba, sunan banki ka sa .com shi ke nan ko?

Zainab A.: A'a Auwalu, nan ma ana faɗawa rami. Bankunanmu da yawa adireshinsu ba yadda za ka zata ba ne. First Bank `firstbanknigeria.com` ne, kuma akwai bankuna a Amurka masu suna First Bank da ba ruwansu da namu. Access `accessbankplc.com`, UBA `ubagroup.com`, Jaiz `jaizbankplc.com`, OPay kuma `opayweb.com`. Ka ga wani da plc wani da group wani da web, ba ƙa'ida ɗaya ba ce, shi ya sa in ɓarawo ya ƙara wata kalma kamar online ko care a jikin sunan ba ka jin wani abu ya canza. Kuma waɗannan da na rubuta ma kar wanda ya kwafa daga nan, ku gwada da abin da ke jikin katinku, ni ba ku taɓa ganina ba, kuma gobe wani zai iya shigowa guruf ɗin nan da hoton mace da suna irin nawa ya rubuta nasa.

Moussa Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan Nijar yawanci ba ma shiga shafi, Airtel Money ko Moov ko Zamani duk ta lambobin da ake dannawa ne, NITA da Amana kuma ofis ake zuwa ko manhaja. Amma abin ya fara zuwa mana ta wata hanya, mutum ya nemi lambar ofis a Google ko Facebook ya kira, wani ya ɗauka da Hausa tsantsa ya ce shi ma'aikaci ne ka ba shi lambar sirri. Ni tambayata kamfanin da ba shi da kati ba shi da reshe a garinku, ina za ka samo adireshin nasa na gaskiya?

Bashir Zariya: Malam Moussa wannan ita ce tambaya mai wuya. Na kamfanin waya da sauƙi, jikin kwalin layi da ofishinsu da lambar kwastoma da ake kira kai tsaye daga layin. Na waɗanda suke a waya kawai, a Najeriya ina fara duba ko suna da lasisi a `cbn.gov.ng` ko suna cikin waɗanda `ndic.gov.ng` ke yi wa inshora, ku kuma naku Babban Bankin shi ne BCEAO, `bceao.int`. Dalilin da na yarda da `.gov.ng` shi ne ba a sayar wa kowa, sai hukumar gwamnati, saɓanin `.com` da `.com.ng` da duk mai 'yan dubbai zai saya yau. Amma wannan yana tabbatar maka kamfanin yana nan ne, bai tabbatar maka shafin da ke gabanka nasu ba ne. Sai in haɗa da abu na biyu, in je Play Store in duba manhajar, sunan kamfanin da ya ɗora ta, yawan waɗanda suka sauke, da adireshin shafin da aka sa a bayanin mai manhajar, in gwada da wanda ke jikin na'urar POS ko allon wakilinsu a kasuwa. In wurare biyu uku da ba su haɗa hanya ba suka ba ni suna ɗaya, na yarda.

Ummi Kaduna: To Play Store ɗin ma ai akwai talla a sama, ni na taɓa neman manhajar bankina wata daban ta fito farko.

Bashir Zariya: Haka ne Ummi, can ma ana rubuta `Sponsored`, a tsallake. Kuma an sha samun manhajojin bogi a ciki kafin a cire su, shi ya sa na ce a duba sunan kamfani da yawan saukewa, bankin da ke da miliyoyin kwastomomi ba zai zo da saukewa dubu biyar ba. Abin da bai kamata a yi ba sam shi ne karɓar manhajar banki ta Xender ko WhatsApp.

Nura Ɗan Boko: To in an tsallake talla, na farko a ƙasanta shi ne na gaskiya kenan?

Bashir Zariya: Galibi in babban banki ne ka rubuta sunansa kaɗai, eh. Amma in ka ƙara customer care number ko reversal, nan shafukan shara da na Facebook na bogi suke hawowa ba tare da sun biya ba, har lambar waya da ke jikin taswirar Google mutane na iya neman a gyara ta. Akwai wani gwaji da nake yi in ina shakka, in sa sunan a `lookup.icann.org` in ga ranar da aka yi masa rajista. Bankin da ya shekara talatin yana aiki amma shafinsa sati biyu da haihuwa, ka san amsa. Malam Sani ka gwada da na ƙaninka, kalmomi biyun ƙarshe kawai za ka sa, kar ka buɗe shafin.

Sani Kwari: Na sa. Kwana tara kenan da yin rajistarsa. Kwana tara fa jama'a.

Nura Ɗan Boko: Ni dai har yanzu ina ganin laifin Google ne, su suka karɓi kuɗin tallar. FBI ɗin da ka ambata ma ai cewa suka yi a sa abin toshe talla, kowa ya sa kawai a huta.

Zainab A.: Wa zai sa wa 'yan kasuwar Kwari da Singa abin toshe talla ɗaya bayan ɗaya Nura? Chrome na waya ma ba ya karɓar irin waɗannan ƙarin, sai ka canza burauza. Kuma ba ya hana linkin da aka turo ta WhatsApp ko tes.

Nura Ɗan Boko: Firefox na Android yana karɓa, ni shi na sa wa iyayena. Ban ce ya magance komai ba amma da ƙanin Malam Sani yana da shi da bai ga tallar ba ma.

Hajiya Rabi: Ni tambayata kuɗin, za su dawo kuwa?

Zainab A.: Hajiya ba zan yi miki alƙawari ba. In an kai rahoto da wuri kuma kuɗin suna nan a akawun ɗin da aka tura, bankinsa zai iya neman wancan bankin ya riƙe su, na ga an dawo da wasu haka. Amma mutanen nan cikin mintuna suke rarraba kuɗi, kuma tun da shi ya bayar da PIN da OTP da hannunsa banki zai ce ba daga wurinsa ɓarakar ta fito ba. Malam Sani ku tabbata an ba ku lambar ƙorafi a rubuce, ku ajiye hoton alat ɗin biyu da adireshin da ke tarihin burauza kar ya goge. In sati biyu suka wuce ba a warware ba kuna da damar kai ƙara sashen kare kwastoma na CBN. Kuma in kalmar sirrin da ya sa a can ita yake amfani da ita a manhajar banki ko imel, ya canza yau.

Sani Kwari: An ba mu lambar, tana wurina. Kalmar sirri bai sa ba, kati ne kawai da PIN, sabon katin kuma an ce ya sa PIN daban. Dubu 85 ɗin farko da suka jawo duk wannan kuwa sun dawo da kansu yau da azahar, ba wanda ya kira kowa. Na juya katina yanzu na kwafe lambar da ke baya, zan bi yaran shago su ma kowa ya kwafe tasa kafin mu rufe. Malam Bashir a ina ake kai rahoton shafin don a rufe shi, ko sai bankin ne za su yi?

Bashir Zariya: Kai ma za ka iya. Ka tura wa bankin adireshin ta imel ɗin da ke shafinsu na gaskiya, sannan ka shiga `safebrowsing.google.com` wurin kai rahoton shafin damfara ka liƙa shi, in sun tabbatar Chrome zai riƙa nuna jan gargaɗi ga duk wanda ya nufi wurin. Ka turo min shi ta akwatina ni ma in kai, amma kar ka sa shi a nan wani ya danna.